Rijiya Mai Ɗan Karkata: Abin da Gyaran Zangon Farko Yake Faɗa Game da Makamashi da Abin da Ba Ya Faɗa

Tsakure

Maƙalar nan ta bi lissafi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa: ilektiron da aka tsare a rijiyar fotenshal mai bangaye marasa iyakar tsawo, sannan aka ɗan karkata gindin rijiyar da filin lantarki. Ra'in fatabeshan a zangon farko ya ba da amsa mai sauƙi, wato kowane matakin makamashi yana ɗagawa da rabin karkatar. Maƙalar ta nuna cewa amsar daidai ce, amma ba ta ɗauke da wani abin da za a iya aunawa a ɗakin gwaji, domin ta dogara ne ga inda mai lissafi ya ajiye sifilinsa. An gwada batun da alƙaluman rijiyar GaAs mai faɗin nanomita 10, an kuma nuna yadda lissafin yake rushewa a rijiya mai faɗin nanomita 30.

1.0 Gabatarwa

Matsalolin kwantam da ake iya warwarewa tsaf da alƙalami ba su da yawa. Saura kuwa sai a nemi wadda ta fi kusa da su cikin waɗanda aka warware, a fara daga nan, a riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan. Wannan dabara ita ce ra'in fatabeshan. Lord Rayleigh ya yi amfani da ita wajen nazarin sauti da kaɗawar tsirkiya a ƙarni na 19, Erwin Schrödinger kuma ya shigo da ita cikin kwantam a 1926, inda ya gwada ta a kan tasirin da Johannes Stark ya gano a 1913, wato rarrabuwar layukan hasken haidurojin idan an sa shi cikin filin lantarki.

Rijiya mai karkata tana cikin misalan farko da ake ba ɗalibi a wannan babi. Akan ba shi ita don lissafinta gajere ne, ya samu amsa cikin layi uku, a ba shi maki, a wuce. A ganina wannan wucewar asara ce. Misalin yana koyar da abin da ya fi amsar daraja, amma sai an tsaya an tambayi amsar me take nufi.

2.0 Rijiyar kafin a taɓa ta

A ɗauki ilektiron mai nauyin m da ke tsare tsakanin x = 0 da x = L. A cikin rijiyar fotenshal sifili ne, a bangayen biyu kuwa ba shi da iyaka, don haka igiyar ψ dole ta zama sifili a gefunan biyu. Sakamakon sananne ne:

ψₙ(x) = √(2/L) · sin(nπx/L)

Eₙ = n²π²ħ² / (2mL²) = n²E₁

Don kada maganar ta tsaya a haruffa, a ɗauki siririn shimfiɗin GaAs mai kaurin nanomita 10 da aka matse tsakanin shimfiɗa biyu na AlGaAs. A cikin GaAs ilektiron yana tafiya kamar mai nauyin 0.067 na nauyinsa na asali. Idan aka saka waɗannan, matakin farko yana kan 56.1 meV, na biyu yana kan 224.5 meV, tazarar da ke tsakaninsu kuma 168.4 meV ce. Hasken da zai ɗaga ilektiron daga na farko zuwa na biyu tsawon zangonsa kusan maikiromita 7.4 ne, can cikin hasken da ido ba ya gani. Bangayen rijiyar gaske suna da iyaka, saboda haka matakanta sun fi waɗannan ƙasa, amma hakan bai taɓa hujjar da za ta biyo baya ba, kuma za a dawo kansa.

Yanzu a kunna filin lantarki mai ƙarfin ε a tsallake rijiyar. Gindinta ya daina zama shimfiɗaɗɗe, ya koma gangare:

V(x) = V₀ · x/L, inda V₀ = eεL

V₀ shi ne bambancin tsawo tsakanin gefen hagu da gefen dama. Filin 10 kV/cm a kan nanomita 10 yana ba da V₀ = 10 meV. Filin 100 kV/cm yana ba da 100 meV.

3.0 Gyaran zangon farko

A rubuta H = H₀ + λV, inda λ alama ce kawai ta ƙirga zango. A ɗauka cewa igiya da makamashi duka suna sauyawa a hankali yayin da λ ke tashi daga sifili:

ψ = ψ⁽⁰⁾ + λψ⁽¹⁾ + ...

E = E⁽⁰⁾ + λE⁽¹⁾ + ...

Idan aka zuba su cikin Hψ = Eψ, aka tsince abin da ke ɗauke da λ sau ɗaya, sai a samu:

H₀ψ⁽¹⁾ + Vψ⁽⁰⁾ = E⁽⁰⁾ψ⁽¹⁾ + E⁽¹⁾ψ⁽⁰⁾

A nan akwai abu biyu da ba a sani ba, ψ⁽¹⁾ da E⁽¹⁾. Dabarar ita ce a ninka ɓangarorin biyu da ψ⁽⁰⁾ ta hagu, a yi intigiral a kan faɗin rijiyar. Da yake H₀ na iya juyawa ya yi aiki a kan igiyar hagu ya fitar da E⁽⁰⁾, kashin farko na hagu da kashin farko na dama sun zama abu ɗaya, sun kashe juna. Abin da ya rage:

Eₙ⁽¹⁾ = ⟨ψₙ|V|ψₙ⟩ = ∫ |ψₙ(x)|² V(x) dx

Ma'anar a fili take. Ana ɗaukar tsohuwar igiya yadda take, ba a motsa ta ba, a tambayi matsakaicin sabon fotenshal da ilektiron yake ji idan yana zaune yadda ya saba zama. Sharaɗi ɗaya da hanyar take buƙata shi ne kada matakai biyu su haɗu a kan makamashi ɗaya, kuma rijiya mai fuska ɗaya ta cika wannan sharaɗi.

A rijiyarmu:

Eₙ⁽¹⁾ = (2V₀/L²) ∫₀ᴸ x · sin²(nπx/L) dx

A maye sin² da ½[1 − cos(2nπx/L)]. Kashin farko, x/2, yana ba da L²/4. Kashi na biyu mai cos, idan aka warware shi kashi-kashi, yana barin sin(2nπ) a iyaka da kuma intigiral na sin a kan cikakkun zagaye, dukansu sifili. Don haka:

Eₙ⁽¹⁾ = V₀/2

Babu n a cikin amsar. A filin 10 kV/cm matakin farko ya tashi daga 56.1 zuwa 61.1 meV, na biyu daga 224.5 zuwa 229.5 meV, na goma ma da 5 meV ɗin zai tashi. Ba ma sai an yi intigiral ba. A rijiyar da gefunanta biyu suke daidai, |ψₙ|² a hagu hoton madubi ne na |ψₙ|² a dama, saboda haka matsakaicin wurin ilektiron shi ne tsakiya, L/2, a kowane mataki. Fotenshal mai miƙaƙƙen gangare kuwa matsakaicinsa shi ne ƙimarsa a matsakaicin wuri.

4.0 Me amsar take nufi

A nan ne ya kamata a dakata. Ba a auna makamashin mataki shi kaɗai. Abin da na'ura take gani shi ne tazara tsakanin matakai biyu, ta hanyar hasken da aka shanye ko aka fitar. Kafin karkata tazarar 168.4 meV ce. Bayan gyaran zangon farko, 229.5 a debe 61.1, har yanzu 168.4 meV ce. Layin hasken bai gusa ba ko kaɗan.

Akwai gwajin da ya fi wannan tsauri. Filin lantarki ba ya ƙayyade inda fotenshal yake sifili. Mai lissafi ne yake zaɓa. Mun zaɓi gefen hagu, muka samu +V₀/2. Wanda ya zaɓi gefen dama zai rubuta V = V₀(x − L)/L, ya samu −V₀/2. Wanda ya zaɓi tsakiya zai rubuta V = V₀(x − L/2)/L, ya samu sifili. Filin ɗaya ne, rijiyar ɗaya ce, ilektiron ɗaya ne, amma amsa uku. Dukansu daidai ne, kuma hakan shi ne hujjar cewa V₀/2 ba halin ilektiron ba ne. Lamba ce da ta shigo ta ƙofar zaɓin sifili.

Ba ina cewa lissafin banza ba ne. Ya tabbatar da magana mai nauyi: rijiya mai daidaiton gefuna ba ta da sauyin tazara da ke tafiya kai tsaye da ƙarfin fili. Wannan hukunci bai dogara ga tsawon bangaye ba. Ko rijiyar GaAs ta gaske mai bangaye masu iyaka, muddin gefunanta biyu iri ɗaya ne, matsakaicin wuri yana tsakiya kuma hukuncin yana nan. Amma dole a faɗe shi da wannan lafazi, ba a bar ɗalibi da tunanin cewa ya gano ilektiron ya ƙara kuzari da 5 meV ba.

Don a ga bambanci, a sauya gangaren ya zama mai lanƙwasa, V = V₀(x/L)². Hanyar ɗaya ce, amma amsar ta zama V₀[1/3 − 1/(2n²π²)], wato 0.283V₀ a matakin farko da 0.321V₀ a na biyu. A nan n ya bayyana, tazarar ta buɗe da 0.038V₀, kuma babu zaɓin sifilin da zai share wannan. Haka ma idan rijiyar kanta ba ta da daidaiton gefuna tun asali: kowane mataki yana da nasa matsakaicin wurin, zangon farko kuma sai ya ba da sauyi na gaske.

5.0 Inda tasirin karkatar yake

Idan aka karkata kasko, mai yakan gangara ya taru a gefen da ya yi ƙasa. Gyaran makamashi na zangon farko bai san da wannan gangarawa ba, domin ya yi lissafi da igiyar da ba ta motsa ba. Gangarawar tana cikin ψ⁽¹⁾. Sabuwar igiyar matakin farko ita ce tsohuwar, tare da ɗan gauraye na sauran matakai, kuma girman kowane gauraye shi ne:

cₘ = ⟨ψₘ|V|ψₙ⟩ / (Eₙ − Eₘ)

Gangare miƙaƙƙe yana haɗa matakan da bambancin lambarsu mara ne kawai, wato 1 da 2, 1 da 4, 2 da 3. Ga irin waɗannan:

⟨m|x|n⟩ = −(8L/π²) · mn/(m² − n²)²

Tsakanin 1 da 2 wannan −0.180L ne, tsakanin 1 da 4 kuwa −0.014L ne kacal, don haka matakin biyu ne ke ɗauke da kusan dukkan aikin. Sakamakon:

c₂ = 0.060 · V₀/E₁

Alamar tana da muhimmanci. ψ₂ tana sama da sifili a rabin hagu, tana ƙasa da sifili a rabin dama. Ƙara ta a kan ψ₁ yana kumbura hagu ya rage dama, hagu kuwa shi ne gefen da ya yi ƙasa. A filin 10 kV/cm, c₂ kusan 0.011 ne, matsakaicin wurin ilektiron kuma ya gusa hagu da kusan nanomita 0.04. A filin 100 kV/cm gusawar ta kai nanomita 0.39.

Wannan gusawa ce take haifar da sauyin makamashi na gaske, amma sai a zango na biyu. Idan aka tara dukkan matakai, jimlar tana da rufaffiyar siga:

Eₙ⁽²⁾ = (V₀²/E₁) · [1 − 15/(n²π²)] / (48n²)

A matakin farko wannan −0.0108 V₀²/E₁ ne, a na biyu +0.0032 V₀²/E₁. Na farko ya sauka, na biyu ya hau, tazarar ta buɗe. A filin 10 kV/cm na farko ya sauka da 0.019 meV, na biyu ya hau da 0.006 meV. A gwada wannan da 5 meV na zangon farko: lambar da ta fi girma sau ɗaruruwa ba a iya ganinta, ƙaramar ce take motsa layin haske. A filin 100 kV/cm sauyin ya ninka sau ɗari, ya zama −1.93 meV da +0.58 meV, tazarar ta buɗe da kusan 2.5 meV.

Hawan matakin biyu yakan ba ɗalibai mamaki, domin suna zaton kowane mataki zai gangara gefen ƙasa. Dalilinsa yana nan ko a fiziks na da. Ƙwayar da ke kai da komo tsakanin bangaye biyu da kuzarin da ya fi gangaren tana rage gudu idan ta hau tudu, don haka ta fi daɗewa a gefen sama. Matakai daga na biyu zuwa sama suna bin wannan hali. Matakin farko ne kaɗai ya saɓa.

Abin nan ba a takarda ya tsaya ba. A 1984 David Miller da abokan aikinsa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka suka bayyana tasirin Stark a rijiyoyin GaAs. A can hasken yana samar da ilektiron tare da gurbin da ya bari, wanda ke ɗauke da caji kishiyar nasa. Gyaran zangon farko na ilektiron +eεL/2 ne, na gurbin −eεL/2, sai su kashe juna. Gyaran zango na biyu kuwa duka biyun ƙasa yake ja, don haka makamashin hasken da ake shanyewa yana raguwa gwargwadon ε², muddin filin bai yi ƙarfi ainun ba. A kan wannan tasiri ake gina wasu na'urorin da ke kunna haske da kashe shi a layukan sadarwa na zaren gilas.

6.0 Yaushe ake cewa karkatar kaɗan ce

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada V₀/2 da E₁. A filin 100 kV/cm, 50 meV a gefen 56.1 meV yana kama da babban sauyi, har mutum ya ce ra'in ya daina aiki. Bai daina ba. Tunda V₀/2 na iya komawa sifili da sauya ma'auni, ba zai zama alƙali ba. Alƙalin shi ne girman gauraye: ⟨2|V|1⟩ kusan 18 meV ne, tazarar 168 meV, c₂ kuma 0.107. Kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na yiwuwar samun ilektiron ya koma siffar matakin biyu. Jerin yana tafiya lafiya: 56.1, a ƙara 50, a debe 1.9, a samu 104.2 meV.

Hatsarin yana wajen faɗi. V₀ yana girma da L, E₁ yana raguwa da L², saboda haka c₂ yana tafiya da L³, gyaran zango na biyu kuma da L⁴. A bar filin a 100 kV/cm, a faɗaɗa rijiyar zuwa nanomita 30. Yanzu E₁ = 6.2 meV, V₀ = 300 meV, c₂ kuma ya ninka sau 27 ya kai 2.9. Gaurayen da aka ce ƙarami ne ya fi igiyar asali girma. Zangon farko ya ce matakin yana kan 156 meV. Zango na biyu ya debe 156 meV, ya mayar da jimlar kusan sifili, abin da ba zai yiwu ba ga ilektiron da aka matse a lungu. Idan gyara na biyu ya kai girman abin da ake gyarawa, alama ce ta a ajiye alƙalami a sake dabara.

Amsar gaskiya a nan sananna ce. Ilektiron ya tattare a kusurwar hagu, bai ma san da bangon dama ba, rijiyar ta koma mai kusurwa uku. Maganinta yana fitowa daga fankshan ɗin Airy:

E ≈ 2.338 · [ħ²(eε)²/(2m)]^(1/3)

Da alƙalumanmu wannan kusan 90 meV ne, kuma ilektiron yana juyowa a wajen nanomita 9 daga bangon hagu. A lura cewa a wannan yanayi makamashi yana tafiya da ε^(2/3) kuma L ya ɓace daga amsar. Babu adadin zangunan fatabeshan da aka fara daga rijiya shimfiɗaɗɗiya da za a dogara da su su kai ga wannan siga.

Ko a cikin rushewar, zangon farko ya riƙe alkawari ɗaya. Ga matakin ƙasa, E₁ + E₁⁽¹⁾ shi ne matsakaicin cikakken H a kan tsohuwar igiya, irin wannan matsakaici kuwa ba ya taɓa faɗuwa ƙasa da makamashin gaskiya. Shi ya sa 156 ya fi 90, kuma 106.1 ya fi 104.2. Duk wanda lissafinsa na kwamfuta ya fitar da matakin ƙasa sama da E₁ + V₀/2, ya koma ya duba shirinsa, akwai kuskure a ciki.

Iyaka ta ƙarshe ta shafi bangayen. A rijiyar gaske mai bangaye masu iyaka, fili yana saukar da fotenshal a waje ta gefen ƙasa ba tare da tsayawa ba, don haka ilektiron na iya ratsa bango ya fice. A fili mai rauni ficewar tana da jinkiri sosai, ana iya mantawa da ita. A fili mai ƙarfi layin haske yana faɗaɗa, kuma ra'in fatabeshan ba ya hango wannan a kowane zango.

7.0 Kira ga malamai

Ina roƙon abokan aiki da ke koyar da kwantam kada su cire wannan misali, kuma kada su tsaya a V₀/2. Bayan ɗalibi ya samu amsar, a sa shi ya mayar da sifilin fotenshal tsakiyar rijiya ya sake lissafi, ya faɗi da bakinsa dalilin da amsar ta ɓace. Sannan a ba shi faɗi da ƙarfin fili na gaske ya fitar da c₂, ya yanke hukunci ko ra'in ya dace da matsalar kafin ya yi amfani da shi. A takardar jarrabawa ma a ware wa waɗannan tambayoyi biyu maki fiye da na intigiral ɗin.